Abin da Shugaba Zai Rubuta Idan Ƙaramin Ma'aikaci Ya Isa Ƙarin Girma

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a Najeriya ya san fom ɗin APER, wato rahoton da ake cikewa kowace shekara a kan yadda ma'aikaci ya gudanar da aikinsa. Ma'aikaci ne ke fara cike nasa ɓangaren: sunansa, matakinsa, ranar da aka ɗauke shi aiki, ranar da aka yi masa ƙarin girma na ƙarshe, da ayyukan da ya yi a shekarar. Daga nan sai fom ɗin ya tafi teburin shugaban da ke kansa kai tsaye, wanda zai ba shi maki a kan halaye daban-daban, sannan ya rubuta ra'ayinsa a wani fili da bai wuce layi biyar ko shida ba. Bayan shi kuma wani jami'i da ya fi shi girma ya duba ya sa hannu.

Wannan ɗan filin na ra'ayin shugaba shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Fom ashirin na jibge a kan tebur, ofishin kula da ma'aikata na ta aiko da saƙo a hanzarta, sai shugaba ya ɗauki biro ya rubuta wa kowa abu guda: mai ƙwazo ne, mai biyayya ne, ya cancanci ƙarin girma. Malalaci ya sami wannan shaida, wanda ya yi shekara yana ɗauke da rabin aikin ofis shi ma ita ya samu. A nan, ƙwazon na biyun ya tafi a banza, kuma ba maƙiyinsa ne ya cuce shi ba, shugaban da ke yabonsa kullum ne.

Su wa ke karanta rahoton

Kafin a yi maganar abin da za a rubuta, ya kamata a san wanda ake rubuta wa. A da, rahoton sirri ake yi. Shugaba ya rubuta abin da ya ga dama, a rufe a fayil, ma'aikaci ya yi ta zama a mataki ɗaya bai san abin da ya danne shi ba. Bayan rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974, wanda ya sake fasalin aikin gwamnati ya kuma kawo tsarin matakan albashi daga na 1 zuwa na 17, aka koma rahoton fili, inda ma'aikaci ke ganin abin da aka rubuta a kansa ya sa hannu. Saboda haka mai karatu na farko shi ne ma'aikacin da kansa.

Amma masu karatun da hukunci ke hannunsu su ne 'yan kwamitin ƙarin girma. A ma'aikatun tarayya, kwamitin ƙananan ma'aikata ne ke duba al'amarin waɗanda ke mataki na 6 zuwa ƙasa, na manyan ma'aikata kuma ya duba waɗanda ke sama da haka, har zuwa manyan matakan da Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ke riƙe da su da kanta. Galibin mutanen da ke zama a irin wannan kwamiti ba su san ma'aikacin ba. Ba su ga ranar da ya kai magariba a ofis yana neman fayil ɗin da ya ɓata ba. Takarda kawai ke gabansu. Ra'ayin shugaba shaida ce da yake bayarwa a gaban mutanen da ba su halarci abin da ya faru ba, kuma shaidar da ba ta faɗi abin da aka gani da ido ba, ba ta da nauyi.

Rahoton ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Dole ma'aikaci ya cika shekarun da doka ta gindaya a matakin da yake: aƙalla shekara 2 ga masu mataki na 6 zuwa ƙasa, shekara 3 ga masu mataki na 7 zuwa na 14, shekara 4 ga masu mataki na 15 zuwa sama. Dole a ce an tabbatar masa da aikinsa bayan zaman gwaji, babu wata tuhumar ladabtarwa da ke rataye a wuyansa, kuma akwai gurbi a matakin da zai hau. Ga masu zama jarrabawar ƙarin girma, ƙa'idar da aka daɗe ana bi a tarayya ita ce maki 70 na jarrabawa ko ganawa, 20 na rahoton shekara, 10 na daɗewa a mataki, kuma ana bukatar 60 kafin a ce mutum ya haye.

Wani zai ce maki 20 ai ba wani abu ba ne. To, a lissafa. Mutum ya ci 42 a jarrabawa, ya sami 5 na daɗewa, ya tashi da 47. Idan rahotonsa ya ba shi 16, ya kai 63, ya haye. Idan 11 ya ba shi, ya tsaya a 58, sai kuma baɗi in Allah ya kai mu. Bambancin shekara guda na albashi da girma yana iya rataya a kan abin da shugaba ya cike cikin minti biyar.

Ƙwazo daban, cancanta daban

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka cewa ƙwazo shi ne hujjar ƙarin girma. Ƙwazo na nuna cewa mutum yana yin aikin da aka ba shi da kyau, don haka ya ci halaliyar albashinsa. Tambayar kwamiti kuwa wata ce: idan muka ɗora shi a kujerar gaba, zai iya riƙe ta? Akwai akawun da ya fi kowa sammako da saurin hannu, amma ko sau ɗaya bai taɓa yanke shawara ba sai an ce masa yi. Irin wannan a yaba masa, amma ba a tabbatar ya shirya ba tukuna. Wanda ya shirya shi ne wanda tuni ya fara yin wani ɓangare na aikin matakin gaba ba tare da an tsaya a kansa ba. Abin da ra'ayin shugaba zai nuna ke nan, da misali.

Bari mu ƙaddara wani akawu a ofishin rajista na wata ma'aikata, yana mataki na 5, ya shekara biyu da rabi a kai, ana duba yiwuwar ya hau mataki na 6, inda zai zama babban akawu mai lura da na ƙasa da shi. Aikinsa shi ne karɓar wasiƙu, buga musu hatimin ranar shigowa, saka su a fayil ɗin da ya dace, sa wa shafuka lamba, da rubuta shiga da fitar kowane fayil a littafi. Shugabarsa ta san yaron kirki ne. Abin da ya rage mata shi ne ta mayar da wannan sanin ya zama abin da baƙo zai karanta ya gamsu.

Kafin ta taɓa biro, sai ta nemi abu uku. Na farko, jerin ayyukan da aka damƙa masa a farkon shekara, domin da shi za a auna shi, ba da abin da ke ranta ba. Na biyu, takardun da ke ɗauke da sawun aikinsa: littafin shiga da fitar fayil, rajistar zuwa aiki, da fayil ɗinsa na kansa, ko akwai wasiƙar yabo ko takardar tuhuma a ciki. Na uku, bayanin aikin mataki na 6, domin ta san abin da take cewa zai iya.

Da ta buɗe littafin, sai ta ga abubuwan da ta riga ta manta. A watan Fabrairu an sami fayil ɗin fansho wajen 60 da aka fitar tun bara ba a dawo da su ba; shi ne ya bi ofis ofis ya dawo da 54, ya rubuta mata sunayen sauran 6 da inda aka gan su na ƙarshe. A watan Mayu ya kawo shawarar a riƙa duba littafin kowace Juma'a, a aika wa duk wanda fayil ya wuce kwana 14 a hannunsa takardar tuni. A watan Agusta babban akawu ya tafi hutun shekara na wata guda, shi ya riƙe rajistar, ya raba wa mutum uku aiki, ba a kawo ƙara ko ɗaya ba. Ya kuma koya wa sabon akawu yadda ake buɗe sabon kundi idan fayil ya cika. Ta kuma tuna inda yake da rauni: idan aka ce ya rubuta ɗan bayani a fayil, yakan yi tsawo ya bar ainihin maganar a ƙarshe, sai an mayar masa ya gyara.

Yadda ra'ayin zai kasance

Da Turanci ake cike fom ɗin, amma ginin maganar ɗaya ne ko da wane harshe. Ga abin da aka saba gani: “Ma'aikaci ne mai ƙwazo da riƙon amana, mai ladabi da biyayya. Ina ba da shawarar a yi masa ƙarin girma.” Babu ƙarya a ciki, amma za a iya cire sunan akawun a sa na direba ko na masinja, ba abin da zai canja. Ga kuma abin da shugabar za ta iya rubutawa da abin da ta tattara:

“Ya kula da shiga da fitar fayil a rajista duk tsawon shekara ba tare da an tsaya a kansa ba. Daga cikin fayil 60 na fansho da suka maƙale a ofisoshi, ya dawo da 54 cikin wata biyu, kuma shi ya kawo tsarin bibiya na mako-mako da muke amfani da shi yanzu. Ya riƙe aikin babban akawu na wata guda a Agusta, yana lura da ma'aikata uku, aiki bai tsaya ba. Yana bukatar horo a kan taƙaita bayani a rubuce, kuma ina ba da shawarar a tura shi kwas a kan haka. Tuni yake yin aikin mataki na 6. Ya cancanci a ƙara masa girma a wannan zagaye.”

Jimla shida ce, kowace da aikinta. Ta farko ta ce ya riƙe ainihin aikinsa, kuma ta faɗi abin da kwamiti ke son ji, wato ba sai an sa masa ido ba. Ta biyu ta kawo abin da za a iya ƙirgawa, wanda duk mai shakka zai iya buɗe littafi ya gani, ta kuma nuna cewa shi ya faro gyaran. Ta uku ita ce ƙashin bayan shawarar, domin ta nuna an riga an gwada shi a kujerar da ake nema masa. Ta huɗu ta faɗi rauni tare da maganinsa. Ta biyar da ta shida sun yanke magana, sun ambaci matakin da lokacin.

A lura da abin da ba ta rubuta ba. Ba ta ce ya fi babban akawun iya aiki ba, ko da kuwa haka ne, domin rahoton na mutum ɗaya ne, kuma kushe wani a cikinsa rigima kawai zai haifar. Ba ta ce yana da iyali da nauyi a kansa ba. Wannan dalilin tausayi ne, kwamiti kuwa cancanta yake aunawa. Ba ta yi maganar ibadarsa ko garinsu ko gidan da ya fito ba. Ba ta kuma ƙara gishiri ta ce duk fayil ɗin ya dawo da su ba. Lambar 54 ta fi “duka” ƙarfi, saboda mai karatu ya san wanda ya rubuta ta ya ƙirga.

Maganar rauni

Shugabanni da yawa na tsoron ambaton rauni, suna ganin zai ja wa yaronsu baya. A gaskiya rahoton da ba shi da aibi ko ɗaya shi ya fi jawo shakka, domin 'yan kwamiti sun ga irinsa ɗari, sun san yawanci alfarma ce. Abin da ake kiyayewa shi ne bambanci tsakanin raunin da horo ke gyarawa da wanda ke taɓa amana. Rashin iya taƙaita rubutu, ko ƙarancin sanin kwamfuta, ko jin nauyin magana a taro, duk kwas da gogewa na maganinsu, kuma fom ɗin ma yana da gurbin da ake rubuta horon da ma'aikaci ke bukata. Amma idan matsalar ta karɓar na goro ce kafin a nemo wa mutum fayil, ko fitar da sirrin takarda, to ba maganar ƙarin girma ake ba, kuma ba a ɓoye ta a bayan kalmomi masu daɗi.

Sharaɗi guda shi ne kada rauni ya zo wa ma'aikaci ba zato. Idan shugaba bai taɓa gaya masa a watan Afrilu cewa rubutunsa na da tsawo ba, rashin adalci ne ya fara jin haka a fom a watan Disamba. Abin da ya shiga rahoto ya zama an riga an faɗe shi baki da baki, an ba mutum damar gyarawa.

Sai kuma a tabbata maki da magana sun tafi tare. Sau da yawa za ka ga an rubuta cewa mutum gwarzo ne, amma a layin maki an jera masa matsakaici daga sama har ƙasa, ko kuma an ba shi mafi girman maki a komai har da rubutu, alhali a ƙasa an ce rubutun na bukatar gyara. Jami'in da ke sa hannu na biyu, idan mai lura ne, zai dawo da fom ɗin. A misalinmu, akawun zai sami maki na sama a riƙon aiki, dogaro da kai da hulɗa da abokan aiki, ya sami matsakaici a rubutu. Wannan matsakaicin guda ɗaya shi ke sa a yarda da sauran.

Zama da ma'aikacin

Tunda zai sa hannu, ya kamata a zauna da shi, ba a aika masa fom ta hannun masinja a ce ya sa hannu a nan ba. Minti goma sha biyar sun isa. Shugabar ta miƙa masa ta ce, “Malam, karanta a tsanake, in akwai abin da ba haka yake ba ka gaya mini.” Wataƙila ya karanta ya ce, “Ranki ya daɗe, na gode. Sai dai ba ni kaɗai na nemo fayil ɗin nan ba, da sabon yaron nan muka yi yawon.” Wannan gyara ne mai amfani, kuma shi kansa alama ce ta wanda zai iya riƙe mutane. Wataƙila kuma ya tuna mata wani aiki da ta manta.

A irin wannan zama akwai abin da ba a yi, wato alkawari. Shugaba shawara yake bayarwa, ba shi ke ƙara girma ba. Abin da za ta iya cewa shi ne, “Na rubuta cewa ka cancanta, kuma in an tambaye ni zan maimaita. Sauran yana hannun kwamiti, da kuma samuwar gurbi.” Ma'aikacin da aka ce masa an gama magana, sannan jerin sunaye ya fito babu nasa, yakan karaya fiye da wanda aka gaya wa gaskiya tun farko. Sa hannunsa kuma shaida ce cewa ya gani, ba lallai ya yarda ba. Idan yana da ja, yana da damar ya rubuta ƙorafinsa.

Inda ake zamewa

Akwai tarkuna da ko shugaba mai kyakkyawar niyya ke faɗawa. Na farko shi ne tuna na kusa a manta na nesa. Wanda ya yi wata goma yana aiki tuƙuru, ya yi kuskure ɗaya a Nuwamba, sai kuskuren ya rufe komai. Malalaci kuma ya farka ana saura wata guda a cike fom, ya tsira. Maganinsa ɗan littafi ne a aljihun tebur, inda shugaba zai riƙa rubuta layi ɗaya da kwanan wata duk lokacin da wani ya yi abin a yaba ko abin a gyara.

Na biyu shi ne ɗaukar ladabi a matsayin iya aiki. Mai rusunawa ya gaishe ka, mai karɓar maka jaka, yana shiga rai, kuma ladabi abu ne mai kyau. Amma akwai mai shiru-shiru a lungun ofis da ba ya zuwa gaisuwa, alhali shi ke riƙe da aikin. Hanyar gane ko ka zame ita ce ka tambayi kanka: in an ce in kawo misali biyu na abin da na rubuta, da wata da takarda, zan iya? In ba za ka iya ba, son rai ne ya rubuta.

Na uku ya fi muni, kuma a ɓoye yake. Shugaba ya san idan yaron nan ya hau gaba za a iya ɗauke shi zuwa wani sashe, ya rasa mai yi masa aiki. Sai ya rubuta yabo mai sanyi: yana ƙoƙari, yana kan koyo, zai yi kyau nan gaba. Babu kalmar suka ko ɗaya, amma duk ɗan kwamiti ya san ma'anarta ita ce a dakata. Wanda ya yi haka ya ci amanar ma'aikacin da ta ma'aikatar gaba ɗaya, kuma sauran yaran ofis suna kallo, suna koyon cewa ƙwazo ba ya kai mutum ko'ina.

Na huɗu shi ne cike rahoton shekara biyu ko uku a zama ɗaya, ana gobe kwamiti zai zauna. Ana gane shi da biro iri ɗaya da kalmomi iri ɗaya a kowace shekara. Kwamiti na duba rahotannin shekarun baya ne don ya ga ko mutum na ci gaba. Rahoton bara da ya ce yana bukatar sanin tsarin fayil, na bana kuma ya ce shi ke koya wa wasu, sun fi kowane yabo ƙarfi idan aka jera su.

Gwamnatin tarayya, tun zamanin da Dakta Folasade Yemi-Esan ke shugabantar ma'aikata, ta ɗauki hanyar maye gurbin APER da sabon tsarin PMS, inda shugaba da ma'aikaci ke amincewa a kan abin da za a cim ma tun farkon shekara, a riƙa dubawa lokaci-lokaci maimakon a jira ƙarshenta. Kamfanoni da bankuna sun daɗe da irin wannan. A ƙarƙashin sabon tsarin, shugaban da ya saba rubuta yabo marar hujja zai sha wuya, domin za a tambaye shi lamba da takarda. Wanda kuwa yake da akawu irin na misalinmu a ƙarƙashinsa, aikinsa ya fara tun Janairu: ya rubuta masa abin da ake so ya cim ma, ya ba shi riƙon kujerar gaba idan mai ita ya tafi hutu, ya sa a rubuta riƙon a takarda a saka a fayil ɗinsa, domin idan lokacin cike rahoto ya zo a sami abin da za a nuna wa kwamiti.